Mita Nawa Ne Daga Nan Zuwa Hasumiyar? Gwanintar Auna Nisa Daga Hoto

Hausawa na cewa ido ba mudu ba, amma ya san kima. Akwai mutanen da suka mai da wannan kimar lissafi, kuma aikinsu na burge ni ƙwarai. A miƙa wa ɗayansu hoton wani gini, ko da bai taɓa taka garin ba, sai ya buɗe shi a kwamfuta, ya ƙirga wasu 'yan abubuwa, ya ce wanda ya ɗauki hoton nan yana tsaye ne kamar mita 150 daga ginin. In aka je da igiyar awo, sau da yawa sai a tarar bai yi nisa da gaskiya ba. 'Yan jarida masu tantance hotuna suna yin haka don gano inda aka tsaya aka ɗauki hoto, haka ma masu zanen gine-gine da ke son sanin girman fili kafin su je.

Tushen abin yana cikin ɗaki mai duhu. A rufe ƙofa da taga da rana tsaka, a bar ɗan ƙaramin rami guda a jikin ƙyaure, sai a ga surar abin da ke waje ta bayyana a bangon da ke fuskantar ramin, kai a ƙasa, ƙafa a sama. Dalili shi ne haske a miƙe yake tafiya. Wanda ya taso daga kan bishiya ya ratsa ramin ya sauka ƙasan bango, wanda ya taso daga gindinta ya ratsa ya hau sama. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya yi bayanin wannan a littafinsa Kitabul Manazir kimanin shekara dubu da suka wuce. Abin da ya shafe mu shi ne layukan hasken nan biyu sun haɗu a bakin ramin, sun yi alwatika biyu masu siffa ɗaya, babba a waje, ƙarama a ciki. Saboda haka tsawon bishiya in aka raba shi da nisanta daidai yake da tsawon surarta in aka raba shi da zurfin ɗakin. Ɗaki mai zurfin mita 3, bishiya mai tsawon mita 6, surarta a bango santimita 60: bishiyar tana nisan mita 30 ke nan, ba sai an leƙa waje ba.

Kyamarar waya ita ce ɗakin nan aka ƙanƙance. Gilashinta yana yin aikin ramin, ɗan allon da ke karɓar haske a ciki shi ne bangon, tazarar da ke tsakaninsu kuma ita ce zurfin kyamara, wanda ake rubutawa `Focal length` a bayanan hoto. Lissafin duka layi ɗaya ne:

```
D = f × H ÷ h
```

`D` shi ne nisan da ake nema, `H` ainihin tsawon abin a mita, `h` tsawonsa a cikin hoto, `f` kuma zurfin kyamara. Sharaɗin kawai shi ne a auna `f` da `h` da ma'auni ɗaya, kuma mafi sauƙi shi ne fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto. Ɗan firamare ma zai iya wannan ninkawa da rabawa. Inda gwani ya bambanta shi ne yadda yake samo lambobin nan uku, da yadda yake ƙin amincewa da kowace sai ya tuhume ta.

A ɗauki hasumiyar Babban Masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27 da itatuwa ke fitowa daga jikinsa. A ce an ɗauke ta da babbar kyamarar wata waya, hoton yana da fiksel 4032 a faɗi da 3024 a tsaye. Waya tana ajiye bayanai a jikin kowane hoto, waɗanda ake kira EXIF, kuma a nan za a ga zurfi iri biyu. Ɗaya na zahiri ne, 'yan milimita kaɗan, kamar 4.25. Ɗayan, mai suna `FocalLengthIn35mmFilm`, yana faɗin abin da zurfin zai kasance da a ce allon wayar ya kai girman tsohon fim na kyamara, kuma a wayoyi da yawa milimita 26 ne ko kusa da haka. Na biyun ya fi sauƙin aiki, domin girman fim sananne ne: milimita 36 da 24, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma 43.27. Hoton namu daga kusurwa zuwa kusurwa fiksel 5040 ne. A ninka 26 da 5040, a raba da 43.27, a samu kusan 3030. Zurfin kyamarar ke nan a fiksel.

Sai a buɗe hoton a kowace manhajar da ke nuna lambar wurin da aka ɗora kibiya. A karanta lamba a kan hasumiyar, a karanta a gindinta, a cire ƙarama daga babba. A ce an samu 545. To 3030 sau 27, a raba da 545, ya ba da mita 150.

Sabon shiga a nan yake tsayawa. Gwani kuwa sai ya sake matso da hoton ya duba gindin, ya tambayi kansa: wannan ƙasa nake gani, ko kan katanga? Hasumiyar a tsakiyar ginin masallaci take, kewaye da unguwa, kuma daga titi yawanci ba a ganin inda ta taɓa ƙasa. Idan katanga ta rufe mita 4 na ƙasanta, fiksel 545 ɗin nan na mita 23 ne, ba na 27 ba, nisan kuma ya dawo mita 128. Mita ashirin da biyu sun tafi a kan abu guda da aka ƙi kallo da kyau. Kuskure a `H` yana shiga amsa kai tsaye: in ka yi kuskuren kashi goma cikin ɗari a tsawon abin, ka yi kuskuren kashi goma a nisa, komai tsabtar lissafinka.

Shi ya sa zaɓen abin awo ya fi komai cin hankali. Inda ba a san tsawon ginin ba, ana neman abin da aka san girmansa a jikinsa. Ƙofar gidan zamani tana yawan kai mita 2.1, amma daga mita 150 fiksel 42 kawai za ta ci, kuma bakinta a dushe zai fito. In hannu ya kauce da fiksel 3, an yi asarar kusan mita 10, alhali fiksel 3 a jikin hasumiya ko mita ɗaya ba su kai ba. Babban abu yana jure kuskuren ƙirga, ƙaramin abu kuma shi ake yawan sanin girmansa da tabbaci. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta haɗa biyun. A ginin bulo da ba a yi wa filasta ba, bulo mai tsawon santimita 22.5 tare da simintin tsakani yana ba da kusan santimita 25 a kowane layi. Maimakon a auna layi ɗaya, sai a auna layi ashirin a tare, a samu abin awo mai kusan mita 5. Kwantenar kaya ma tana da amfani, amma iri biyu ce, mai tsawon mita 2.59 da doguwa mai 2.90, kuma dole ta kasance jingine da ginin. In tana can gaba kusa da mai hoto, nisan kwantenar aka auna, ginin yana can baya.

Gwani ya fi yarda da tsaye a kan faɗi. Bangon da aka ɗauka daga gefe yakan matse a hoto, taga mai faɗin mita 1.2 ta fito kamar ba ta kai ba, sai lissafi ya tura ginin nesa. Tsayi ba ya matsewa haka, muddin kyamarar ba ta ɗaga kai ba. Daga nesa ɗagawar ba ta da yawa, ba ta ɓata komai. Daga kusa kuwa labari ya sha bamban. Wanda ya tsaya mita 30 daga hasumiyar ya karkata wayar sama da kamar digiri 19 don ta zauna a tsakiyar hoto, hasumiyar za ta fito gajeriya, lissafi ya ce mita 34. Alamar karkata ita ce miƙaƙƙun bangaye su riƙa kwantawa ciki suna neman haɗuwa a sama. Sai dai hasumiyar Agadas da ma tsukewa take yi tana hawa, don haka ba a jikinta ake duba wannan ba, a jikin sandar lantarki ko bakin ƙofar wani gida da ya shigo hoton ake dubawa.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi. `D` ba ya auna layin da ke tsakanin idonka da ginin, yana auna zurfi ne ta inda kyamara ta fuskanta. In ginin yana tsakiyar hoto, duk ɗaya ne. In yana can gefe, a ce fiksel 1500 daga tsakiya, ainihin nisan ya ɗara da kusan kashi 12 cikin ɗari, mita 150 ta zama kamar 167.

Saura `f`, wadda hanyar da hoto ya bi kafin ya iso hannunka ke iya lalatawa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso a ƙanƙance, an share masa EXIF. Ƙanƙancewa ita kaɗai ba matsala ba ce in ka san wayar. A ce ya koma 1600 da 1200: kusurwa zuwa kusurwa 2000, zurfi ya zama kusan 1200, hasumiya ta zama 216, amsa ta sake fitowa mita 150. Matsala tana zuwa ne in an haɗa tsohon zurfi na 3030 da sabon tsawo na 216, a samu mita 379. Haka in aka sa 4.25 a wurin 26, sai amsa ta faɗo mita 25, alhali ana ganin gidaje da dama tsakanin mai hoto da masallacin. Irin wannan babban kuskuren ido ma yana kama shi. Wanda ke ɓuya shi ne hoton da aka yanke wa gefe ko aka janyo da yatsu biyu, domin kusurwarsa ba ta dace da milimita 26 ba kuma, kuma kallo kawai ba ya nuna hakan. Gwani yakan duba siffar hoton: in faɗi da tsaye ba su kan huɗu da uku ko wani tsarin da waya ke bayarwa, sai ya zargi yanka, ya nemi a sake turo masa asalin a matsayin fayil.

In wayar tana hannunka, ba ka ma buƙatar EXIF. Jingina sanda mai mita ɗaya cif a bango, ka auna mita 5 da igiyar awo, ka ɗauka a miƙe ba tare da janyowa ba. In sandar ta ci fiksel 606, ninka da 5, zurfin wayarka 3030 ne, kuma zai yi maka aiki a duk hoton da ka ɗauka da wannan gilashin a wannan girman.

A ƙarshe gwani ba ya cewa mita 150 ya yi shiru. Yakan ce tsakanin 128 da 150, gwargwadon abin da katanga ta rufe. Sai ya buɗe hoton tauraron ɗan adam na tsohon garin Agadas, ya zana da'ira biyu kewaye da hasumiyar, ɗaya a kan kowace lamba. Wurin da mai hoton ya tsaya yana tsakaninsu, kuma daga nan neman ya koma na lungu ko rufin soron da ke kallon hasumiyar ta wannan fuskar, da katanga irin wadda ta fito a hoton.