Kada a jingine Clone Stamp tukuna

Tun da Adobe ta saka Content-Aware Fill a Photoshop CS5 a shekarar 2010, masu gyaran hoto suka ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da ba a so a hoto, a zagaye shi, a danna, a wuce. Da yawa daga masu koyon aikin yanzu ba su cika waiwayar Clone Stamp ba, suna ganin kayan tsofaffi ne. Ni kuwa a ganina har gobe shi ne ke rufa wa gyara asiri.

Ɗauki hoton biki. Amarya tana tsaye gaban katangar bulo sanye da atamfa, wani yaro ya leƙo ta bayan kafaɗarta, hannunsa ya rufe gefen zaninta, ga kuma wayar lantarki ta ratsa sararin sama. Dangi sun ce a cire yaron da wayar.

Wayar ba ta da wahala, aikin Healing Brush ne, wanda ya shigo tun Photoshop 7.0 a 2002. Ka riƙe Alt, ka danna wuri mai kyau a sama, sannan ka shafa kan wayar. Yana kwaso ƙirar wurin da ka nuna masa, amma launi da haske sai ya daidaita su da inda kake shafawa. Shi ya sa babu kamarsa a kan sama mai duhu a can ƙoli da haske a ƙasa, ko a kan ƙurjin fuska. Sai dai da zarar wayar ta kusanto saman katanga, zai jawo duhun bulo ya dama shi cikin shuɗin sama, ka ga wani dishi-dishi kamar hayaƙi. In ka ga haka, tsaya nan.

Yaron kuwa, nan Content-Aware Fill yake da rana, domin wurin yana da faɗi. Yadda yake aiki shi ne ya tsinto ƙananan faci daga sauran hoton, waɗanda suka yi kama da kewayen ramin, ya jera su. Bai san bulo ba, bai san amarya ba, kama kawai yake bi. Saboda haka in ka bar shi da kansa ta Shift+F5, ba abin mamaki ba ne ka ga furen atamfa ya tsiro a jikin katanga. Ka zagaye yaron da Lasso, ka ƙara faɗin zagayen da fiksel biyar zuwa goma ta Select > Modify > Expand, don kada inuwar gefensa ta rage. Sannan ka shiga Edit > Content-Aware Fill, allon da aka ƙaro a ƙarshen 2018. Duk inda aka shafe da kore, daga nan yake ɗiban faci. Goge koren daga jikin amarya kaf, ka bar masa katanga kaɗai, ka sa Output To ya zama New Layer.

Daga nesa aiki ya yi kyau. Matso da hoton zuwa kashi 100 ka bi layin siminti da ido. Za ka tarar ya karye a tsakiya, wani bulo ya fi 'yan'uwansa tsawo, tabo guda ya fito sau uku. A kan ciyawa ko yashi babu mai lura da irin wannan, amma idon mutum ba ya yafe wa miƙaƙƙen layi.

To ga inda nake cewa a koma wa Clone Stamp. Shi ba ya dabara, abin da ka nuna masa shi yake kwafowa, ba ƙari ba ragi, kuma wannan taurin kan shi ake nema a bakin abu. Buɗe sabuwar leya, sa Sample a Current & Below, ka bar Aligned a kunne. Ɗauki samfur daidai mahaɗar bulo biyu, ka ɗora shi kan mahaɗar da ta karye, sai layin ya miƙe. Gefen zanin ma haka: nemo inda zanen atamfar ya maimaita kansa, ka kwafo, in ya karkace ka juya shi a Clone Source. Mai ɗinki zai gane zanen da aka ƙirƙira, ita ma amaryar da ta zaɓi atamfar za ta gane.

Aibin Clone Stamp ɗaya, yana kwafo hasken inda ya fito. In ka ɗebo daga ɓangaren katangar da rana ta haska ka kai inuwa, facin zai fito fili. Sai ka ɗebo daga kusa, ka riƙa sauya wurin ɗiba, a ƙarshe ka bi bakin facin da Healing Brush ya narkar da shi, amma ka nisanci kafaɗar amarya, kada launin atamfa ya malalo kan bulo.