Asusu Ɗaya, Littafi a Buɗe

Marubucin gudummawa na da, tabarma yake shimfiɗawa a ƙofar gidan biki, littafi a cinya, duk wanda ya miƙo kuɗi a rubuta sunansa a gabansa. Yau abokan ango na Ƙaura Namoda sun watsu: wani yana Gusau, wani Sakkwato, wani a Zurmi inda hanya ba kullum take biyuwa ba. Sai aka koma ba da lambar asusu ɗaya kowa ya tura. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙara sabar wa mutane da hakan. Turawa ba wuya. Gwanintar tana wurin ma'ajin da zai iya nuna wa jama'a inda kowace naira ta fito da inda ta shiga.

Ma'ajin da ya san aiki ba ya ba da asusun da yake cefane da shi. Yakan ware wanda babu komai a ciki, ya nuna wa jama'a hoton sifili kafin a fara. Yakan kuma duba matakin asusun, domin a ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya asusun mataki na ɗaya ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma idan ya cika kuɗin mutane sai su fara maƙalewa. Sannan ba ya haɗa riƙon kuɗi da rubutu: shi yana ganin alat, wani daban yana riƙe da littafi.

Inda aikin ya fi wuya shi ne wurin masu POS. Dattijo ya sayar da akuya a kasuwar Shinkafi, ya je wurin mai POS ya ce a tura dubu goma. Sunan da zai faɗo wa ma'aji na mai POS ne, ba na dattijon ba. Idan mutum biyar suka tura daga shago ɗaya, sai ka ga suna ɗaya sau biyar. Gwani yakan roƙi kowa ya turo hoton rasit tare da sunansa da garinsu, sai a daidaita shi da alat ta adadi da lokaci. Amma rasit kaɗai ba ya sa a rubuta "ya shigo". Rasit na iya fita kuɗi su koma wa mai su, akwai kuma na bogi. Sai ya buɗe asusun ya gani da idonsa.

A ɗauki misali. Jerin sunaye ya nuna naira 420,000, asusu kuma yana nuna 394,400. Nan ne ake fara 'yan gunaguni. Ma'aji ba ya rantsuwa, lissafi yake bajewa. Dubu 15 tsaba ce da wani ya damƙa wa marubuci bayan sallar Juma'a, ba a zuba ba tukuna. Dubu 10 ta wani ce daga Zurmi, ya turo rasit amma kuɗin sun koma masa, za a kira shi a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Sauran 600 cajin banki ne. An haɗa 25,600 cif. Shi ya sa littafin yake da gida uku: alkawari, abin da ya shigo asusu, da tsaba a hannu. Kowane dare yakan saka jerin a zauren WhatsApp tare da hoton abin da ke asusun, kuma duk abin da aka cire, ko kuɗin hayar kujeru ne, sai an faɗi wanda ya karɓa. Littafin takarda kuwa ba ya barinsa. Wanda ya ga yadda aka rufe layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayani.

A wurin aure suna dole ne, domin biki bashi ne, ango zai so ya san wanda zai rama wa in nasa ya zo. Rasuwa daban take. Jana'iza ba ta jiran a tara kuɗi, don haka abin da ake tarawa na iyalan mamaci ne, ko biyan bashinsa, ko ɗawainiyar marayu, kuma sai an faɗi wanne ne tun farko. Da yawa ba sa son a ambace su. Sai a rubuta "wani bawan Allah", a bar adadi da rana a fili, ta yadda mai shi zai gane layinsa, lissafi kuma ya cika. Ba a amfani da asusun mamacin, domin abin da ke ciki ya zama na magada, in gudummawa ta cakuɗa da shi rabewa sai an sha wahala. Ranar miƙawa ma'aji yakan zo da shaidu biyu, a karanta jimilla da abin da aka kashe, mai karɓa ya sa hannu, sannan a sanar cewa an rufe, kada wani ya sake turawa.