"Dangin ango da amarya": ina "na" ta shiga?

'Yan uwa ɗalibai, ranar Asabar na je walimar wani biki a Giwa Tazo. Dangin ango sun cika rumfa guda, dangin amarya sun taso daga Jega da Aliero mota-mota. Mai gabatarwa ya karɓi lasifika, ya yi sallama da salati, murya kam tubarkalla. Sai ya ce: "Muna maraba da dangin ango da amarya."

Ku sake karanta jimlar a hankali. Wa aka yi wa maraba? Fahimta ta farko: dangin ango, sai amarya ita kaɗai, wato an bar iyayenta da kawunnanta a bakin ƙofa. Ta biyu: dangi ɗaya ne na ango da amarya, kamar auren zumunci. To, ba na zumunci ba ne, gida biyu ne manya da ba su taɓa haɗa jini ba. Wata gwaggon amarya da ke kusa da ni har ta ce, "Mu fa, rakiya muka zo?"

Gyaran harafi biyu ne kacal: "dangin ango da na amarya". Wannan "na" ita ke tsaya wa "dangin" na biyu. Da "zuri'a" ya ce, sai ta koma "ta": "zuri'ar ango da ta amarya", don zuri'a jinsin mace ce.

Amma da ya ce wa amarya "ɗiya" maimakon "'ya", kar wanda ya ce kuskure ne. Hausarmu ce ta yamma, kuma a wurinta ya faɗe ta.