Kan magana da sakin layin farko a wasiƙar kuɗi

Wasiƙar Bahaushe ta gado tana da tsarinta. Tun wasiƙun da sarakunan daular Usmaniyya suka riƙa aika wa juna da Larabci, ana farawa da sunan Allah, a faɗi daga wane zuwa ga wane, a yi gaisuwa da addu'a, sannan a shiga magana. Wasiƙar Hausa ta ɗauki wannan hanya: gaisuwa mai yawa, tambayar lafiyar iyali, fatan alheri, sai a ce "bayan haka". Tsari ne da ya dace da mai karatu wanda ya san marubuci, kuma zai zauna ya karanta takardar daga farko har ƙarshe.

Wasiƙar da ake kai wa banki, ko ofishin albashi, ko hukumar fansho, wani irin mai karatu take samu. Wanda ya fara karɓarta ba shi ne zai warware matsalar ba. Magatakarda ne ko ma'aikacin teburin karɓar ƙorafi, zai buga mata hatimi, ya rubuta ta a rajista, ya tura ta sashen da ya dace. Duk wannan yana yin sa ne da abin da idonsa ya fara gani, wato kan magana, layin nan da ake ja wa layi a ƙarƙashin "Yallaɓai". Saboda haka kan magana kamar allon da ke kan mota ne a tasha: in an rubuta masa garin da ba shi ba, kaya su sauka inda ba a nufa ba. Yawancin waɗannan wasiƙu da Turanci ake rubuta su a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, amma ƙa'idar ɗaya ce a kowane harshe.

A ɗauki misalin wani mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau. Ya tura wa wanda ke kawo masa masara ₦350,000 ta waya ranar 3 ga Maris, an cire kuɗin daga asusunsa, amma ba su isa ba. Kan maganar da aka fi gani a irin wannan hali shi ne "Ƙorafi" ko "Neman taimako". Waɗannan ba su gaya wa magatakarda komai ba, domin kusan duk takardar da ke gabansa ƙorafi ce. Ba zai san ko ta masu kula da katin cirar kuɗi ba ce, ko ta masu bashi, ko ta masu tura kuɗi tsakanin bankuna. Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, inda mutum ke zuba labarinsa duka a kan magana har layi huɗu, sai abin da ake nema ya nutse a ciki.

Abin da ya dace da ɗan kasuwar nan shi ne: "Neman mayar da ₦350,000 da aka tura ranar 3 ga Maris ba su isa ba". Abubuwa uku ke cikinsa: buƙata, adadi da rana. Kalmomi goma zuwa sha biyar sun isa, layi ɗaya, in ya yi yawa biyu. A lura kuma an fara da buƙata, domin ita ce ke nuna sashen da zai ɗauki takardar.

Sakin layin farko aikinsa shi ne ya cika abin da kan magana ya buɗe, ta yadda ma'aikaci zai iya fara bincike ko bai karanta sauran ba. Jimla uku sun wadatar. Ta farko ta faɗi mai wasiƙar da lambar asusunsa mai alƙaluma 10. Ta biyu ta faɗi abin da ya faru, da rana, da lokaci, da shaidar cinikin. Ta uku ta faɗi abin da ake so a yi. Ga yadda zai kasance: "Ni ne mai asusu mai lamba kaza a wannan reshe. Ranar 3 ga Maris, da misalin ƙarfe 11 na safe, na tura ₦350,000 (naira dubu ɗari uku da hamsin) zuwa asusu kaza na banki kaza, an cire kuɗin amma ba su shiga ba, kuma ga lambar cinikin. Ina roƙon a mayar da kuɗin asusuna, a kuma ba ni amsa a rubuce."

Lambar cinikin nan ita ce wadda ke fitowa a rasit da sunan Session ID, mai alƙaluma 30. Da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin bankin da ya tura da wanda ya karɓa. Wanda ya ɓoye ta a shafi na biyu, bayan labarin yadda mai masara ya yi fushi da yadda ciniki ya lalace, shi ya jawo wa kansa a ce ya dawo gobe. Rubuta adadi da alƙaluma da kuma kalmomi yana hana rikicin sifili ɗaya da zai mai da dubu 350 dubu 35. Lambar sirri ta kati kuwa, da lambar da banki ke turowa a waya don tabbatar da ciniki, ba sa shiga wasiƙa ko kusa, domin takarda hannuwa da yawa take ratsawa.

Rana tana da wani muhimmanci. Ƙa'idar Babban Bankin Nijeriya ita ce mutum ya fara kai kuka bankinsa, ya ba shi mako biyu a yawancin ƙorafe-ƙorafe, in ba a warware ba sannan ya kai wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Kwafin wasiƙar farko mai hatimin karɓa shi ne hujjarsa. Idan za a rubuta ta biyu, kan maganarta ya maimaita na farko, a ƙara masa "Tuni" da lambar ƙorafin da banki ya bayar, don takardun biyu su haɗu a fayil ɗaya.

To ina gaisuwa? Ba a ce a yi rashin ladabi ba. "Yallaɓai" ko "Ranka ya daɗe" a sama, da godiya a ƙasa, sun sauke nauyin. Ladabin da ya fi wannan shi ne kada a ɓata wa mai karatu lokaci. Amma ƙa'idar tana da iyaka. Wanda ke rubuta wa dattijon unguwa ko tsohon abokin ciniki yana tuna masa bashi, in ya fara da adadi babu gaisuwa, ya ci zarafi, kuma zai iya rasa kuɗin da zumuncin gaba ɗaya. A nan jimla ɗaya ko biyu ta gaisuwa wajibi ce, sai dai adadin da ranar biya su fito kafin sakin layin ya ƙare. Haka nan wasiƙar neman rance tana buƙatar bayanin sana'a da hanyar biya, amma wurinsu sakin layi na biyu da na uku ne. Na farko ya tsaya kan nawa ake so, don me, zuwa yaushe. Lissafi mai tsawo, kamar bashin albashi na wata da watanni, a jera shi a takarda dabam a maƙala, wasiƙar kanta ta tsaya a shafi ɗaya.

Kafin ka sa hannu, ka rufe sauran wasiƙar da tafinka, ka bar kan magana da sakin layin farko, ka ba wani wanda bai san zancen ba ya karanta. Idan ya iya gaya maka wane ne, nawa ne, yaushe ne, da abin da ake so a yi, tsawon ya yi daidai. Idan ya kasa, ka sake rubutawa tun kafin ka kai ta.