Jadawalin Aji da Koyar da Kalmomin Lokaci na Turanci: Nazarin Wani Tsarin Darasi a Makarantun Suleja

A yawancin azuzuwan firamare za ka tarar da kwali manne a bango kusa da allo, an jera ranakun mako a gefensa, an rubuta lokuta a samansa. Wannan shi ne jadawalin darussa. Malaman Turanci sun daɗe suna ɗaukarsa su koyar da ƙananan kalmomi uku da ake sawa a gaban lokaci, wato *at* da *on* da *in*. Dabarar tana da kyau, amma tana da iyaka, kuma malamin da bai san inda iyakar take ba zai tashi daga aji yana zaton an gane, alhali yara hadda kawai suka yi. Nazarin nan zai duba yadda ake gina darasin, da inda yake ƙarfi, da inda yake yoyo, musamman ga yaron Suleja.

Asalin tsarin da malamanmu ke bi

Duk wanda ya yi kwalejin ilimi, ta Minna ko wata, ko ya bi ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, ya san jerin da ake cikewa kafin hedimasta ya sa hannu: aji, batu, tsawon lokaci, manufa, kayan aiki, abin da yara suka riga suka sani, gabatarwa, matakan koyarwa, auna fahimta, sai aikin gida. Wannan jeri yana da tarihi. Raba darasi mataki-mataki, daga abin da aka sani zuwa wanda ba a sani ba, ya samo tushe daga Bajamushen nan Johann Herbart, wanda ya rasu a 1841, almajiransa kuma suka yaɗa shi. Rubuta manufa da aikin da za a iya gani da ido, kamar "yaro zai faɗi" ko "yaro zai rubuta", ya yi ƙarfi ne bayan littafin Robert Mager na 1962.

Amfanin jadawali ya fito daga tushen farko. Yaro ɗan aji huɗu bai san nahawun Turanci ba, amma ya san ranar da ake Lissafi, ya san lokacin fita tara, ya san ranar Juma'a ana tashi da wuri saboda masallaci. Saboda haka ma'ana tana hannunsa tun kafin malam ya buɗe baki. Abin da ya rage sabo shi ne kalmar kaɗai. Aji huɗu kuwa shi ne mahaɗar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta daɗe tana ɗauka a baya a matsayin inda Turanci ke karɓar ragamar koyarwa daga harshen gida.

Darasin a aikace

Mu ɗauki darasi na minti 35, manufarsa ita ce kowane yaro ya faɗi, ya kuma rubuta, ranar da ake wani darasi da lokacinsa. Malam ba zai kwafe jadawalin duka ba. Zai zana ranaku uku da lokuta uku, gida tara ke nan, ya zaɓi lokutan da suka faɗa daidai kan awa ko rabinta, domin kada karatun agogo ya cinye darasin. A ce Lissafi ranar Litinin ƙarfe 8:00, Turanci ranar Laraba ƙarfe 9:00, Hausa ranar Juma'a ƙarfe 10:30.

Minti biyar na farko na tambaya ne: yau wace rana, me za mu yi bayan tara? A nan malam yake tabbatar da cewa sunayen ranaku da lambobi sun zauna. In ba su zauna ba, gara ya mai da darasin na ranar ya zama nasu, don ba a ɗora gini kan yashi.

Minti goma na gaba na gabatar da sabon abu ne, kuma yatsan malam shi ne babban kayan aiki. Ya ɗora shi kan ranar da ke gefe ya ce *We have Maths on Monday.* Ya ɗaga shi zuwa lokacin da ke sama ya ce *We have Maths at eight o'clock.* Ya maimaita da gidaje uku ko huɗu ba tare da ya faɗi wata doka ba, sannan ya tambayi yara wace kalma suke ji in yatsa yana gefe, wace kuma in yana sama. Su da kansu za su fito da dokar. Sai ya rubuta *on* da alli mai launi a kan jerin ranaku, *at* a gaban jerin lokuta. Ƙarfin dabarar ke nan: jadawali yana da fuska biyu, kowace fuska da kalmarta.

Minti takwas sai maimaitawa, daga aji duka zuwa layi-layi zuwa ɗaya-ɗaya. Wasu takwas kuma aikin bibbiyu: a ba yaro ɗaya jadawali mai gidaje huɗu babu komai, a ba abokinsa mai wasu gidajen daban babu komai, kowa ya tambayi ɗan'uwansa *When do we have English?* ya cike nasa. Wannan matakin ne malamai suka fi tsallakewa saboda hayaniya, kuma shi ne kaɗai inda yaro ke buƙatar kalmar don ya sami abin da bai sani ba. Minti huɗu na ƙarshe kowa ya rubuta jimla uku daga jadawalin, littafi a rufe, an goge misalan allo.

Inda jadawali ya gaza

Mai karatu zai lura ban sa *in* cikin wannan darasi ba, da gangan na yi. Jadawalin mako ba shi da wata, ba shi da shekara, ba shi da damina ko rani, kuma a nan *in* ya fi aiki. Abin da zai iya bayarwa kawai shi ne safe da rana. Malamin da ya nace sai ya koyar da ukun a zama ɗaya yakan ƙare da liƙa *in September* a ƙasan allo, ba tare da wani abu da yatsa zai nuna ba. Wurin *in* shi ne darasi na biyu, da kalandar zangon karatu a hannu: watan komawa makaranta, watan jarrabawa, watan hutu.

Akwai dalili na biyu, kuma ya fi zurfi. Bahaushe yana cewa da ƙarfe takwas, da safe, da yamma, da dare. Kalma ɗaya ce ke ɗauke da su duka. Turanci ya raba su gida biyu: *at eight*, *in the morning*, *in the evening*, sai kuma ya juya ya ce *at night*. Yaron da ya rubuta *at the morning* ko *in night* ba sakarci ya yi ba, tsarin harshensa ya bi. Haka kuma muna cewa zan zo ranar Litinin, babu wata kalma a gaban ranar, don haka yaro yakan yar da *on* gaba ɗaya. In aka haɗa biyun, ranar Litinin da safe, sai Turanci ya ce *on Monday morning*, rana ta kori *in*. Babu gidan jadawali da zai nuna wannan. Dole malam ya koyar da su a dunƙule, kamar kalma guda, a darasi na daban.

Suleja kuwa ba Hausa kaɗai ke cikin aji ba. Garin da ya bar wa babban birnin tarayya sunansa na Abuja ya zama masaukin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowane sashe na ƙasa, ga Gbagyi da Koro da suka daɗe a yankin. A benci ɗaya za ka sami yaron da ke Hausa a gida da wanda ke buroka, wadda ke amfani da *for* a kusan kowane gurbi, har ta ce *for night*. Malamin da ya dogara ga fassara da Hausa zai bar wasu a baya. Yatsa da allo kuwa kowa yana ganewa, wannan ma wani dalili ne na riƙe jadawali.

Sai matsala ta uku, wadda daga manya take fitowa. A Turancin Najeriya an saba cewa taro zai fara *by 4 o'clock* ana nufin ƙarfe huɗu daidai. A Turancin da ake jarrabawa da shi, har da na hukumar NECO mai hedikwata a Minna, *by* na nufin kada a wuce lokacin. Idan malam ya koyar da *at* a allo, sannan ya fita ya yi sanarwa da *by* a taron safe, kunnen yaro zai bi sanarwar.

Yadda ake gane ko an koya

Amsar aji baki ɗaya ba shaida ba ce. A aji mai cunkoso, yara kaɗan na gaba ne ke jan amsa, saura su bi sauti. Cike gurbi ma yana ruɗi: in zaɓi uku ne, mai canki-canka zai dace da kusan ɗaya cikin uku, in biyu ne kuwa rabi. Shi ya sa jimlar da yaro ya gina da kansa ta fi aminci.

Kowane kuskure yana nuna inda ciwon yake. Wanda ya rubuta *We have Hausa Friday* ya bi Hausa, yana buƙatar ƙarin maimaitawa da baki, ana ɗan jaddada kalmar. Wanda ya rubuta *on ten o'clock* bai raba fuskokin jadawali ba, a kira shi allo ya nuna da yatsansa. Wanda ya rubuta *on tomorrow* ko *on every day* kuwa ya gane dokar har ya wuce da ita gona da iri. Wannan ci gaba ne, abin da ya rage a nuna masa cewa *today* da *tomorrow* da *every day* ba sa ɗaukar komai a gabansu. Jan biro ɗaya a kan ukun duka yana ɓoye wannan bambanci, ya hana malam sanin abin da zai gyara gobe.

Gwaji na ƙarshe shi ne a ɗauke jadawalin. Bayan kwana biyu a tambayi yaro yaushe yake zuwa Islamiyya ko coci, yaushe ake cin kasuwar ƙauyensu. In ya kawo *on* da *at* daidai a kan abin da ba ya bango, ya koya. In ya kasa, gidajen kwali ya haddace.

Kammalawa

Jadawalin aji kayan aiki ne nagari ga kalmomi biyu, ba uku ba. Tsarin darasin da ya dace da mafari shi ne wanda ya kasa aikin gida uku: rana da agogo da jadawali, wata da shekara da kalanda, sannan sassan yini da kalmomin da ba sa ɗaukar komai. Ina kira ga hedimastoci da masu duba makarantu a ƙaramar hukumar Suleja: in malami ya kawo muku tsarin darasi mai *at* da *on* da *in* duka a minti 35, ku tambaye shi abin da yara za su nuna da yatsa a kan kowace, da kuma jimlar da kowane yaro zai rubuta shi kaɗai. Idan babu amsa, ku mayar masa ya raba darasin kafin ku sa hannu.