Ƙananan Bayanai da Asalinsu: Nazari a kan Sarauniya ta Abdoulaye Mamani

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa rubuta tarihin rayuwar wani mutum ya san cewa sunaye da shekaru kaɗai ba su isa su rayar da shi a idon mai karatu ba. Sai an ga yadda yake zama, da abin da yake tsoro, da ɗan aibin da ke tattare da shi, sannan mai karatu ya yarda cewa ɗan'adam ne ake ba shi labari. Matsalar ita ce, irin waɗannan ƙananan bayanai su ne suka fi wuyar samu, kuma su ne suka fi sauƙin ƙagawa. Wannan maƙala za ta dubi matsalar ta hanyar littafin Sarraounia na marigayi Abdoulaye Mamani. Manufarta ita ce ta nuna cewa nahawun Hausa yana da kayan aikin da za su ba marubuci damar saka bayani mai rai a cikin matani ba tare da ya yi wa tarihi ƙarya ba.

2.0 Abin da aka sani da abin da aka ƙaga

A ranar 16 ga Afrilu 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta afka wa garin Lugu, a yankin Dogon Dutsi, inda Azna suka yi mata turjiya a ƙarƙashin Sarauniya Mangu. Rahoton Faransawa ya ce an kashe musu mutum 4, an raunata 6, kuma mutanen gari sun janye cikin kurmi. Joalland, wanda hafsa ne a rundunar, ya ambace ta a littafinsa Le drame de Dankori na 1930, inda ya kwatanta ta da tsohuwar matsafiya. Rubutattun shaidu na lokacin gajeru ne ƙwarai, kuma na abokan gaba ne.

A 1980 Mamani ya fitar da littafinsa da Faransanci. A ciki Sarauniya ta sami yarinta: mahaifiyarta ta rasu wajen haihuwarta, wani dattijo mai suna Dawa ya rene ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da asirin itatuwa. Tsohuwar Joalland ta koma jaruma mai jini a jika. A 1986 Med Hondo ya mayar da littafin sinima, wadda ta ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987.

Ba mu ga laifin Mamani a nan ba. Ƙagaggen labari ya rubuta, kuma ya yi shi ne domin ya mayar wa rubutun ƴan mulkin mallaka martani. Nonon goɗiya bayani ne mai ƙarfi, domin yana gaya wa mai karatu tun daga farko cewa wannan yarinya ba kamar sauran yara take ba. Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da bayanin ya fita daga littafin ya shiga kundin ɗalibi ko darasin tarihi, ba tare da an faɗi daga ina ya fito ba. Elara Bertho, a wata maƙala ta 2011, ta bi sawun yadda Sarauniya ta tashi daga ƴan layuka a takardun Faransawa ta zama gwarzuwar ƙasa ta hanyar littafi da sinima. Darasin da mai bincike zai ɗauka shi ne, ƙaramin bayani ya fi babba saurin samun karɓuwa, don ba a cika tambayar asalinsa ba. Mai karatu yakan ɗauka cewa wanda ya san abin da jaririya ta sha, lalle ya san sauran labarin.

3.0 Inda ƙarya ke shiga jimla

Bayanin da marubuci ke sakawa yana fitowa daga ɗaya cikin wurare uku: abin da wani ya gani, abin da wani ya ji, ko abin da aka zata bisa al'adar wuri. Hausa tana bambanta su a fili. Bari mu gwada da jimloli uku da muka shirya domin misali kawai:

(1) Kafin yaƙi, akan yi yanka a wurin tsafi.
(2) Wai kafin yaƙin ta yi yanka a wurin tsafi, in ji wani dattijo na garin.
(3) Kafin yaƙin ta yanka baƙin bunsuru, hannunta yana rawa.

Jimla ta (1) tana cikin lokaci sabau, da lamirin da bai nuna kowa ba, wato “akan”. Al'ada take bayyanawa, kuma ana iya tabbatar da ita daga binciken al'adu. Jimla ta (2) ta koma shuɗaɗɗen lokaci, ta jingina aikin ga mutum ɗaya a rana ɗaya, amma “wai” da “in ji” sun ɗora nauyin maganar a kan wanda ya faɗe ta. Jimla ta (3) ta fi su daɗin karatu, tana da launi, tana da ɗan rauni irin na ɗan'adam, amma marubuci ne ya ɗauki nauyinta shi kaɗai, alhali bai ga bunsurun ba, bai ga hannun ba.

A nan za a lura cewa tazarar da ke tsakanin gaskiya da ƙage ƴar ƙanƙanuwa ce a nahawu. Ya isa a sauya “akan” da “ta”, ko a cire “wai”, sai al'adar jama'a ta koma aikin mutum ɗaya, ji ya koma gani. Sau da yawa wannan yana faruwa ne a lokacin gyaran rubutu, ba da niyyar yaudara ba. Ɗalibi ya ɗauko hira a kaset, ya ga “wai” ta yi yawa, ya share ta don zube ya yi santsi. Ko kuwa wajen fassara zuwa Faransanci ya bar sigar sharaɗi, wadda ita ce ke nuna cewa labari ji aka yi, ya yi amfani da sigar tabbaci. Shafin Hausa yana kokwanto, shafin Faransanci da ke kallonsa yana rantsuwa.

Saboda haka, mai son rubuta sakin layi mai rai a kan Lugu yana da hanya. Yana iya ɗaukar bayanin wuri, kamar kurmin da aka fake a ciki, ya faɗe shi kai tsaye. Yana iya kawo al'ada a lokaci sabau. Yana iya kawo maganar dattawa da “wai” da ranar da aka ɗauke ta. Abin da ba shi da izni shi ne ya shiga zuciyar Sarauniya Mangu da shuɗaɗɗen lokaci.

4.0 Aibin da aka samu da aibin da aka ɗora

Ɗan aibi yana sa a yarda da labari, shi ya sa masu ƙage suke son sa. To amma akwai matanin Hausa da ke nuna yadda na gaskiya yake. Dorugu, ɗan ƙasar Damagaram daga wajen Kance, an kama shi bawa yana yaro, Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tumbutu, sannan ya isa Ingila a 1855. Can ya ba J. F. Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Kirk-Greene da Paul Newman sun fitar da fassararsa ta Ingilishi a 1971.

A bakin Dorugu, Barth shi ne Abdul Karim, Overweg kuma Tabib, wato sunayen da aka san su da su a hanya. Yana tsayawa ya kwatanta yadda Turawa ke cin abinci a teburi, abin da ba ya ciyar da labarin tafiyar gaba ko kaɗan. Yaro ne yake kallon abin da ya ba shi mamaki, ya bar manyan al'amuran da Barth ya cika littattafai da su. Wannan karkata ita ce ajizancin matanin, kuma ita ce shaidar cewa mai ido ne ke magana.

Daga kwatanta Dorugu da Mamani ana iya fitar da ma'auni biyu. Na farko, bayanin da aka ƙaga yakan yi wa labari aiki fiye da kima: nonon goɗiya yana share fagen jarunta, Dawa yana bayyana inda aka sami asiri, babu abin da ya zo a banza. Bayanin mai gani da ido kuwa sau da yawa ba ya da wani amfani ga zaren labari. Na biyu, aibin da aka ɗora wa gwarzo yakan zama yabo a kaikaice, kamar taurin kai ko zafin zuciya, alhali wanda aka samu a bakin mutum yakan rage masa girma, ko ya nuna iyakar saninsa.

Haka abin yake ga tuntuɓen harshe. Idan mai ba da labari ya ambaci wani gari, ya ce “a'a, ba can ba ne”, ya gyara, wannan gyara bayani ne, domin yana nuna inda tunaninsa ke da rauni. Barin sa a matani amana ce. Amma wanda ya ƙara irin wannan inda-inda a maganar da shi ya tsara, don ta yi kama da ta baka, ya ƙirƙiri shaida ke nan, ko da kuwa abin da ke cikinta daidai ne.

5.0 Iyakar ma'aunin

Waɗannan ma'aunai alamu ne kawai, ba hujja ba ce yankakkiya. Ƙwararren marubuci yana iya ƙaga bayanin da ba shi da amfani da gangan. Haka kuma “wai” ba ta tsarkake magana. Dattijon da aka yi hira da shi bayan 1986 mai yiwuwa ya ga sinimar, ko jikansa ɗan makaranta ya ba shi labarinta, sai ƙagen Mamani ya dawo wa mai bincike cikin rigar adabin baka. Don haka ranar ɗaukar magana tana da nauyi daidai da maganar kanta. Bayanin da aka samu a kaset ko rubutu na kafin 1980 yana da matsayin da wanda aka fara ji bayan fitowar littafin ba shi da shi. Ma'ajiyar sauti ta IRSH da ta CELHTO a nan Yamai su ne wuraren farko da ya kamata a nemi tsofaffin hirarraki domin irin wannan kwatance. Kuma yana da kyau a tambayi mai magana daga bakin wa ya ji, a rubuta amsarsa a gefen maganar.

6.0 Kammalawa

Littafin Mamani ya cim ma burinsa, har ya kai ga ƙananan bayanansa sun fi na tarihi zama a zukatan mutane. Aikin mai nazari shi ne ya karanta shi a matsayin ƙagaggen labari, ya yaba masa a wannan matsayi. Idan kuma ya zo rubuta tarihin Sarauniya Mangu ko na wani mutum, ya bi kowace jimla mai ɗauke da launi ko motsin zuciya ya duba lokacinta da lamirinta. In tana cikin shuɗaɗɗen lokaci, kuma babu “wai” ko “in ji” a tare da ita, to sai ya kasance yana iya nuna takarda ko kaset ɗin da ta fito daga ciki.