Jimla Huɗu Zuwa Ga Hakimi: Lokaci da Ladabi a Fassarar Turanci Zuwa Hausa

Tun zamanin Hukumar Fassara ta Zariya, wadda Rupert East ya shugabanta a shekarun 1930, da fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ake kokawa da yadda za a ɗauko zancen Turanci a zuba shi cikin Hausa ba tare da an ji warin Turancin ba. Sashen Hausa na BBC, da ya fara watsa shirye-shirye a 1957, shi ma ya gaji wannan fama. Ƙamus yakan raba gardama a kan kalmomi. Inda mai fassara yake yin gumi wuri biyu ne da ƙamus ba ya shiga, wato lokacin aiki da matsayin wanda ake yi wa magana.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar lafiya da ta rubuta wa hakimi gajeriyar takarda da Turanci. Jimla ta farko tana cewa aikin rigakafin yara ya fara ranar Litinin, kuma bai ƙare ba. Ta biyu tana ba da labarin jiya: mota ta makara, mata sun gaji sun watse. Ta uku roƙo ne a sa mai shela ya sanar da ci gaban aiki ranar Alhamis. Ta huɗu sharaɗi ne game da ruwan sama. Sabon shiga da ya bi Turancin sawu da ƙafa, ga irin abin da yakan fitar:

"Mun kasance muna yi wa yara rigakafi tun Litinin. Ta lokacin da motar ta iso jiya, mafi yawan uwaye sun kasance sun tafi. Ina mamaki ko za ka iya tambayar mai shela ya sanar za mu ci gaba ranar Alhamis. Idan yana ruwa, za mu haɗu a makarantar firamare."

Kowace kalma a nan Hausa ce, amma magatakardan da zai karanta wannan a gaban hakimi sai ya yi gyaran murya kafin ya soma.

Alamar farko ita ce "kasance". Turanci yana jera ƙananan aikatau biyu ko uku don ya nuna aikin da ya faro a baya yana kan gudana, sai mai fassara ya ji dole ya nema musu madadi. Hausa ba ta buƙatar haka, domin lamirin lokacinta ya fi damuwa da ko aiki ya kammala ko yana tafiya, fiye da ranar da ya auku. Kalmar "tun" da lokaci mai ci sun wadatar: "Muna yi wa yara rigakafi tun ranar Litinin." In kuwa an ɗauko ranar an kawo ta gaba don ƙarfafawa, tilas "muna" ya koma "muke": "Tun ranar Litinin muke yi wa yara rigakafi."

Jimla ta biyu ta fi haɗari. Turancin ya yi amfani da sigar da ke nuna cewa wani abu ya riga wani faruwa. Hausa tana raba wannan ne tsakanin shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya da na biyu, wato "sun" da "suka". Idan aka ce "Ko da motar ta iso, mata sun riga sun koma gida", an fahimci cewa jira ne ya ishe su, motar ta tarar da fili wayam. Idan kuwa aka ce "Da motar ta iso, sai mata suka koma gida", an jera abubuwan ne ɗaya bayan ɗaya, kuma hakimi zai ɗauka cewa ganin motar ne ya kore su. Wannan ɗan bambanci ya isa ya mai da ƙorafin makarar direba ya zama rahoton cewa mutanen gari sun ƙi rigakafi.

Ita ma jimla ta huɗu a kan wannan turba take. Turanci yana sa sharaɗi a lokacin yanzu, Hausa kuwa tana sa shi a shuɗaɗɗe ko da abin bai zo ba: "Idan an yi ruwa, sai a haɗu a makaranta." Bahaushe ba ya jin baƙon abu a "Kafin ka dawo gobe na gama", alhali goben ba ta yi ba.

A jimla ta uku ne lokaci da ladabi suke cakuɗewa. Bature idan zai yi roƙo cikin girmamawa yakan ja aikatau baya zuwa shuɗaɗɗe, ya kuma mai da buƙatarsa tambaya, kamar dai tunani ne kawai ya ɗarsu masa. Wannan shuɗaɗɗen bai shafi jiya ba, kunya ce ta nahawu. Wanda ya fassara shi da "ina mamaki" ya sa ma'aikaciya al'ajabin da ba ta yi ba, kuma "za ka iya?" a kunnen Bahaushe tambaya ce a kan ƙarfin mutum. A tambayi hakimi ko zai iya sa mai shelarsa aiki, ai wannan ya kusa zama raini.

Ga kuma batun wakilin suna. Kalma guda ce a Turanci take ɗauke da "kai" da "ke" da "ku", don haka dole mai fassara ya san wa ake rubuta wa kafin ya ɗora alƙalami. Ga babba, Hausa takan kauce wa nuna shi kai tsaye: a buɗe da gaisuwar sarauta, a ambaci muƙaminsa, sannan a fake da lamirin da ba ya bayyana mai aiki, "a sa", "a sanar". Takardar sai ta fito haka:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri. Tun ranar Litinin muke yi wa yara rigakafi. To jiya, ko da motar ta iso, yawancin iyaye mata sun riga sun koma gida. Muna roƙon alfarmar Hakimi a sa mai shela ya sanar cewa za a ci gaba ranar Alhamis, in Allah ya kai mu. Idan an yi ruwa, sai a haɗu a makarantar firamare. Allah ya ƙara girma."

Da abokiyar aikinta take rubuta wa, jimla ta uku ba za ta wuce "Don Allah ki sa a yi shela, ranar Alhamis za mu ci gaba" ba, ko da Turancin bai canza ko harafi ɗaya ba.

Wannan 'yanci yana da iyaka. Gaisuwa da addu'a da aka ƙara sun dace da wasiƙa, tunda rashinsu zai isar da tsageranci da marubuciyar ba ta nufa ba. A takardar yarjejeniya ko shaidar kotu kuwa, lamirin "a" yana ɓoye wanda nauyi ya hau kansa: "a biya kuɗin" bai faɗi mai biya ba. Haka nan umarnin likita da aka sassauta da "in ba damuwa" ya tashi daga dole ya koma ganin dama.

Hanya mai sauƙi ta gwada aikin ita ce a karanta Hausar da ƙarfi ga wanda bai ga Turancin ba, sannan a tambaye shi abu uku: me ya fara faruwa, me ake so a yi, kuma wa ya girmi wa tsakanin mai takarda da mai karɓarta. In ya ce mata sun tafi bayan isowar mota, sai a koma a duba "sun" da "suka". In ya ce mai takardar sa'ar hakimi ce, to gyaran yana wajen wakilin suna da gaisuwa.